Kurakuran da sababbin sufabaizoji ke yi a jawabin safe ga direbobin foklif

Na gaji da tsayawa a bayan sabon sufabaiza ina jin jawabi iri ɗaya. Zai tara direbobin foklif, motar ɗaga kaya, a ƙofar sito, ya ce a yi hankali, a rage gudu, kowa ya kula da kansa, Allah ya kiyaye. Su amsa da amin, su sa hannu a takarda, kowa ya kama gabansa. Addu'ar tana da kyau, ni ma da ita nake rufewa kullum. Amma abin da ya zo kafinta ba jawabi ba ne. Babu direban da ya tashi daga wurin da sanin wani abu da bai zo da shi daga gida ba.

Na daɗe ina wannan aiki a sito-sito na taki, siminti da shinkafa a nan Gombe, kuma abin da zan faɗa hanyata ce, ba na cewa kowa haka yake yi. Jawabin safe minti biyar ne zuwa goma, kuma amfaninsa ɗaya: ka gaya wa mutanenka abin da ya bambanta yau da jiya. Wane kaya za a ɗauka yau, da wace mota, a kan wace ƙasa. Idan maganar da ka yi yau za ta iya zama ta jiya ko ta gobe ba tare da an canza kalma ɗaya ba, to ka ɓata musu lokaci ne kawai.

Saboda haka ni ba na fara magana sai na zaga. Ina zuwa kafin direbobi da kamar minti ashirin, in leƙa takardar kayan da za a loda, in ga tirelolin da suka kwana a layi, in taka hanyar da motocin za su bi da ƙafata. Ramin da ruwan dare ya cika, buhun da ya fashe ya zubar da taki a bakin ƙofa, falet, wato katakon da ake jera kaya a kai, da ya tsage, a nan nake samun abin faɗa. Sabon sufabaiza yakan tsallake wannan zagayen, shi ya sa yake rasa abin cewa, sai ya koma kan "a yi hankali".

Sannan a ofis ko a bakin get ba a yin wannan magana. A jikin mota ake yi, an kashe inji, kowa yana ganin abin da kake nunawa. Gani ya kori ji.

"Ai tan biyu da rabi take ɗauka"

Wannan shi ne kuskuren da ya fi ƙona mini rai, kuma a kansa zan daɗe. Kusan duk direban da ka tambaya ƙarfin motarsa zai ba ka lamba ɗaya: tan biyu da rabi, ko tan uku. Sufabaiza ma haka ya sani, haka yake faɗa da safe. Lambar gaskiya ce, amma rabin magana ce.

Kowace foklif tana da ɗan allon ƙarfe da kamfanin da ya ƙera ta ya manna, yawanci kusa da kujerar direba ko a gabansa. A kai akwai lambobi biyu da ba a raba su. Ta farko nauyi ne, a ce 2500 kg. Ta biyu tazara ce, galibi 500 mm a irin motocin da muke da su, wato santimita 50. Ma'anarsa ita ce motar za ta ɗauki kilo 2,500 ne idan tsakiyar nauyin kayan bai wuce santimita 50 daga gindin fok ba, wato ƙarafan nan biyu da ke shiga ƙarƙashin kaya, daidai inda kaya ke jingina. Da zarar tsakiyar kayan ya matsa gaba, ƙarfin motar ya ragu, ko da kayan bai ƙaru da buhu ɗaya ba.

Dalilin ba shi da wuya. Foklif a kan tayoyinta na gaba take rinjaya. Kaya na gaba yana jan ta ƙasa, ƙaton ƙarfen da ke bayanta tare da inji suna riƙe ta. Ɗauki bokitin ruwa ka manna shi da jikinka, sannan ka miƙa hannu da shi gaba. Ruwan bai ƙaru ba, amma kai ka san abin da bayanka ya ji. Haka motar take.

Ga lissafin da nake yi da su a tsaye, da alli a jikin bango. Falet ɗin da aka fi samu tsawonsa mita 1.2 ne, faɗinsa mita 1. A ce an jera buhunan taki masu kilo 50, biyar a kowane hawa, hawa tara. Buhu 45 ke nan, kilo 2,250. Ka ƙara nauyin falet ɗin kansa, kamar kilo 25, ya zama 2,275. Idan fok ya shiga ta yadda mita 1 ɗin ne ke kwance a kansa, tsakiyar kaya yana santimita 50, motar tan biyu da rabi za ta ɗauka lafiya. Idan kuwa aka shiga ta ɗaya gefen, mita 1.2 ya kwanta a kan fok, tsakiyar ya koma santimita 60. Sai ka ninka 2,500 sau 50, ka raba da 60. Abin da zai fito bai kai kilo 2,100 ba. Kayan da ɗazu yake cikin ƙarfinta yanzu ya wuce. Idan direba ya yi ganganci bai tura fok har ƙarshe ba, ya bar tazarar santimita 10 tsakanin kaya da gindin fok, tsakiyar ya zama 70, lissafin ya sauko ƙasa da kilo 1,800.

Wannan lissafi na gaggawa ne, kuma yana rage wa motar kaɗan a kan ainihin ƙarfinta. Na fi son hakan. Idan allon motarka yana da jadawalin da ya nuna nauyi a tazara daban-daban da tsayi daban-daban, shi za ka bi, ya fi allina. Ka kuma lura cewa a yawancin motoci masu dogon mas, wato ƙarfen tsayen da fok ke hawa da sauka a jikinsa, ƙarfin yana ƙara raguwa idan an ɗaga kaya can sama. Duk wani ƙarfe da aka ƙara a gaba, kamar na matsar da fok gefe ko na ƙara masa tsawo, shi ma yana cin nasa rabon.

Ban koyi nacewa a kan wannan a banza ba. A wani sito da na yi aiki, farkon damina ne, lokacin da kowa ke neman taki kuma tireloli sun yi layi har waje. An kawo kaya a jere ta yadda dole sai ta dogon gefe za a shiga falet, wato mita 1.2 ɗin ne zai kwanta a kan fok. Da safe an ce a kula da nauyi, an ce amin, an watse. Babu wanda ya faɗi buhu nawa. Wani yaro direba, mai hannu sosai, ya ɗaga falet mai hawa tara, ya ji sitiyari ya yi masa sakayau. Wannan ita ce alama ta farko, domin da tayoyin baya foklif ke juyawa, kuma idan sun fara sakin ƙasa sitiyari ba ya jin nauyi. Maimakon ya sauke, sai aka yi abin da ake yi a sito da yawa: leburori biyu suka ɗare kan ƙarfen baya wai su danne. Ya taho, ya ɗaga kaya daidai bakin tirela tun bai tsaya ba, ya karkata mas gaba, ya taka birki. Baya ya tashi, buhuna suka zube a kan wani ɗan dako da ke jira a ƙasa, ɗaya daga cikin na bayan ya wuntsila ya faɗo da kafaɗa. Ɗan dakon ya karye a cinya. Ni na bi shi asibiti, ni na tsaya gaban mahaifinsa. Mutum ne da ke ciyar da gida da ƙarfin jikinsa, kuma damina ta wuce yana kwance.

Don haka idan na ji sabon sufabaiza yana cewa "a kula da nauyi", raina ɓaci yake. Wane nauyi? Nawa? Direba ba sikeli ba ne. Kai ne kake da takardar kaya, kai ne aka ba wa allo da biro, kai ya kamata ka yi lissafin tun kafin su iso. Abin da za su ji daga bakinka shi ne lamba: "Yau taki ne, ta dogon gefe ake shiga, hawa takwas, buhu 40, ba ƙari. Wanda ya tarar da hawa tara ya kira 'yan dako su sauke biyar." Buhu 40 kilo 2,000 ne, da falet 2,025, yana cikin iyaka. Wannan magana ko wanda bai yi boko ba zai riƙe ta, kuma yana iya ƙirgawa da idonsa daga kan kujera.

Batun hawa bayan mota kuwa, ba na tattaunawa a kai. Duk wanda na gani ya ɗora mutum, ko dutse, ko buhun siminti a bayan foklif don ta ɗauki abin da ta ƙi, a ranar ya sauka daga motar. Ƙarin nauyi a baya ba ya ƙara wa fok ƙarfi, ba ya ƙara wa sarƙa, ba ya ƙara wa tayoyin gaba. Gargaɗin da motar ke ba ka kawai ya toshe.

Wani abin da nake yawan gani a motocin da aka sayo na hannu: allon ya goge, ko an shafe shi da fenti, ko ma babu shi. Kada ka ƙiyasta da ido. Nemi lambar samfurin motar a jikinta, a samo takardarta daga dillali, a rubuta nauyi da tazara da fenti inda direba zai gani.

Gangara, kwana, da maganar tsalle

Na biyu da nake daɗewa a kai shi ne kifewa ta gefe, don ita ce ke kashe direba da kansa. Sababbin sufabaizoji ba sa taɓa ta, saboda suna ganin mota mai taya huɗu ba ta faɗuwa haka nan. Foklif taya huɗu gare ta, amma a wuri uku take tsaye: tayoyin gaba biyu, da ƙusa ɗaya a tsakiyar ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, wadda a kanta bayan ke lilo. Ka zana wannan a ƙasa da sanda, kusurwa uku, faɗi a gaba, tsini a baya. Muddin nauyin motar da kayanta yana cikin zanen, tana tsaye. Ɗaga kaya sama, shan kwana da gudu, ko taya ɗaya ta faɗa rami, duk suna tura nauyin zuwa bakin layi.

A nan ne direbobi suke mamaki idan na ce musu motar da ba kaya ta fi saurin kifewa ta gefe a kan wadda ke ɗauke da kaya a ƙasa-ƙasa. Idan ba kaya, nauyinta yana can baya, wajen tsinin, inda zanen ya matse. Kuma daidai lokacin ne yara ke sakin wuta, an sauke kaya, ana komawa ɗauko wani, ana sha kwana kamar a babur. Ka faɗa musu wannan ƙarara, ba sau ɗaya ba.

A kan tafiya, ka'idata ita ce fok ya tashi daga ƙasa kamar santimita 15 zuwa 20, mas ya ɗan kwanta baya. Ba a ɗaga kaya ana tafiya, ba a juyawa kaya yana sama. Ka iso, ka tsaya cak, ka ɗaga, ka matsa a hankali, ka ajiye, ka ja baya, ka sauke fok, sannan ka juya. Direbobi suna ganin haɗa ɗagawa da tafiya shi ne ƙwarewa. Ba ƙwarewa ba ce, kuma sufabaizan da ke yaba musu a kan haka shi ke koya musu.

Gangara kuma, ko ta bakin sito ce ko ta hawa dakalin lodi, dokarta gajeriya ce. Da kaya, kayan yana kallon sama kullum: ka hau da gaba, ka sauko da ribas. Ba kaya, fok yana kallon ƙasa. Ba a juyawa a tsakiyar gangara, ba a ratsa ta a karkace. A garin nan da ƙasa ba ta cika zama shimfiɗe ba, kuma ruwan damina yana cin gefen hanya, da wuya ka samu filin lodi da babu ɗan tudu ko zaizaya a wani gefe. Kada ka ce musu "gangara" kawai. Ka nuna wadda kake nufi da hannu, ka ce ga ta can, jiya an yi ruwa, gefen hagu ya zaizaye, a bi dama.

Sai bel. Na san zafin Maris da Afrilu, na san direba yana hawa yana sauka sau da yawa, na san abin da suke yi: su ɗaure bel ɗin a bayan kujera su zauna a kansa. Sufabaizan da ya gani ya kau da kai, da shi da su duk ɗaya. Abin da ba a gaya musu shi ne dalilin bel a foklif ba irin na motar haya ba ne. Ba don karo aka sa shi ba, don ya hana ka fita ne. Idan mota ta fara kifewa, jikin mutum tsalle yake so, kuma yawanci ta gefen da take faɗuwa yake yi, sai rumfar ƙarfen da ke saman kai ta same shi a ƙasa. Motar da ke ɗaukar tan biyu da rabi ita kanta ta haura tan uku da rabi. Babu ƙirjin da ke ɗaukar wannan.

Abin da za a yi shi ne a zauna: ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka dafe ƙafafu a ƙasa, ka karkata jikinka zuwa gefen da ba nan take faɗuwa ba. Faɗa da baki bai isa ba, domin a wannan daƙiƙar babu mai tuna jawabi. Ni nakan sa mutum ɗaya ya hau motar da aka kashe, in ce "ta tafi hagu!", ya nuna mana. Ranar farko dariya suke yi. Na bar su su yi, gobe in sa wani.

Duba mota: kada ka tambaya, ka sa a nuna

"Kowa ya duba motarsa?" "E, Oga." Wannan ba dubawa ba ce. Ni kullum nakan zaɓi mota ɗaya, ba tare da sun san wacce ba, mai ita ya zaga da mu. A fok muna duba gwiwarsa, inda ya lanƙwasa, don a nan yake tsagewa kuma a nan yake cinyewa idan ana jan sa a ƙasa. Fok da ya cinye kashi 10 cikin 100 na kaurinsa ya rasa kusan kashi 20 na ƙarfinsa, canza shi ake yi, ba a kai wa mai walda ya cike. Sarƙoƙi biyu su kasance ɗaure daidai, kada ɗaya ta yi sako-sako. A leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigon mai a inda ta kwana. A duba taya, baƙin mai, da ruwan lagireto tun inji yana sanyi. Sai a tayar, a gwada birki, hambirki, hon, ƙarar ribas da fitila, a ɗaga fok a tsayar a gani ko yana zamewa ƙasa da kansa.

Idan ana zargin tiyon haidurolik yana yoyo, ba a shafawa da hannu. Man da ke fita ta ɗan ƙaramin rami da matsi yana iya huda fata ya shiga nama, kuma raunin da ake gani kamar tsinin allura yana iya cin yatsa. Kwali ake karawa. Wanda ya same shi, asibiti nan take.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana toshe iyakilina da lagireto da sauri, balle a siton siminti. Ka sa hura su cikin jawabin waɗannan watanni.

Kuma duk wannan banza ne idan direba ya ce birki ba ya kamawa ka ce masa "lallaɓa, tirela na jira". Ka yi haka sau ɗaya, ba zai sake gaya maka ba. Ni zare makulli nake, in rataya kwali a sitiyari, in kira bakanike, in je in sha faɗan manaja da kaina. Wannan faɗan aikina ne, ba na direba ba.

Sauran, a taƙaice

Kada ka cusa abu goma a jawabi ɗaya. Babban batu ɗaya, ƙanana biyu, shi ke nan.

Kada ka bar 'yan dako da yaran mota a waje. Su ne ke ƙasa, su bayan motar ke shara idan ta juya, don foklif da gindi take kwana. Su tsaya su ji, kuma a faɗa a gabansu cewa babu mai wucewa ƙarƙashin fok, da kaya ko babu.

Tirela kafin a fara mata lodi: a kashe inji, a ja hambirki, a sa weji a taya, makulli ya zo hannunka. Direban tirela ba ya motsawa sai kai ka ce.

Ba a ɗaukar fasinja, ba a ɗaga mutum a kan falet don ya gyara ƙwan fitila.

Idan kaya ya tare gaba, ribas ake tafiya ana kallon baya. A kowace ƙofa da kwana, hon.

Waya a aljihu. Mai kira ya tsaya, ya sauke fok, ya amsa.

Motar dizal ko ta gas ba a barin ta tana aiki a rufaffen sito, hayaƙin yana kayar da mutum. Inda ake cajin batir kuma babu sigari, babu walda.

In za a sauka, ko da zuwa salla ne: fok a ƙasa, giya a firi, hambirki, a zare makulli. Makullin da aka bari a jiki, yaron da ke sha'awar koyo ne zai same shi.

Yi magana da harshen da suke ji. Idan akwai wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ka sa abokinsa ya maimaita masa a gabanka.

Yadda ake magana da manya

Sabon sufabaiza sau da yawa yaro ne da takarda, direbobin kuma akwai sa'annin babansa. Daga nan kuskure biyu ke fitowa. Ko ya ji kunya ya kasa faɗa wa dattijo gaskiya, ko ya ɗaga murya ya ci masa fuska a gaban yara don a san shi ne oga. Duka biyun suna kashe jawabin.

Hanyata ita ce in mayar da dattijon malami. In ce, "Baba, ku da kuka daɗe a kan motar nan, ku nuna wa yaran nan yadda ake saukowa gangaren can da kaya." Zai nuna daidai, domin ya sani, sakaci ne kawai ya shige shi. Kuma wanda ya koyar da abu a gaban jama'a da safe yana jin nauyin karya shi da rana. Idan na ga ya karya, gefe nake jan sa, mu biyu. Laifin jiya ana faɗar sa a jawabi don a ɗauki darasi, amma ba a kiran suna. Ranar da ka fara kiran suna, ranar za a daina kawo maka labarin abin da ya kusa faruwa, alhali wannan labarin shi ne abincin jawabinka.

Ka kuma kalli fuskoki yayin da kake magana. Wanda ya kwana gadi ko achaɓa ya zo da jan ido, wanda zazzaɓi ke kaɗawa, wanda ka ga alamar ya sha wani abu don ƙarin ƙarfi, ba a ba shi makulli. A watan azumi ina tura manyan lodi zuwa safiya, in faɗa musu tun a jawabi cewa bayan Azahar za a sassauta. Ranar Juma'a kuwa gaggawar a gama kafin masallaci ita ce haɗarin, don haka nakan faɗi tirela nawa za a yi kafin salla, sauran su jira a dawo.

Kada ka rufe da "an gane?", domin amsarta kullum "e" ce. Ka tambayi mutum abin da sai ya ji zai iya amsawa. Ga yadda nawa yake tafiya a safiya irin wadda na ba da labarinta:

"Salamu alaikum, ina kwananku. Yau taki ne, tirela huɗu. Falet ta dogon gefe ake shiga, saboda haka hawa takwas, buhu 40, kuma fok ya shige har gindi. Mota mai lamba biyu birkinta bai yi mini ba, na zare makulli, kada a taɓa. An yi ruwa da dare, gefen hagu na gangaren ƙofar baya ya zaizaye, a bi dama, a sauko da ribas. 'Yan dako, babu mai tsayawa tsakanin mota da tirela sai fok ya sauka. Malam, buhu nawa muka ce?"

"Arba'in, Oga."

"In ka tarar da hawa tara fa?"

"A sauke biyar."

"Kai kuma, in sitiyari ya yi maka sakayau?"

"In sauke kaya, in kira ka."

"Madalla. Baba, akwai abin da kuka gani jiya da ban faɗa ba?"

Wannan tambaya ta ƙarshe kada ka yi ta kana tafiya. Ka tsaya ka jira, ko da shirun ya ɗan yi tsawo, don a nan ne wani zai ce ai hon ɗin mota ta uku tun shekaranjiya ba ya yi. Ka rubuta a gabansa, a gyara, gobe ka fara jawabi da cewa an gyara. Takardar sa hannu kuma a rubuta mata kwanan wata, batun da aka yi, lambar buhunan da aka faɗa da motar da aka tsayar, sannan a sa hannu bayan an gama magana, ba kafin a fara ba.